Ƙwaurina yana ciwo, ga tantancewar soja ta gabato

Assalamu alaikum Likita. Ni matashi ne ɗan shekara 20 daga Funtua. Na cike fom ɗin shiga soja, saura kamar sati takwas a kira mu tantancewa. Sati biyar ke nan da na fara gudu. Satin farko kilomita uku nake yi, sau uku a sati. Daga nan na haɗu da abokai muka koma kilomita shida kullum ban da Juma'a, yanzu kuma goma muke yi, wani lokaci da jakar yashi a baya. Ƙwaurina duka biyu suna ciwo. Na dama ciwon a baje yake, idan jiki ya ɗau zafi sai ya lafa. Na hagu da haka ya fara, amma kwana goma ke nan ya tattaru wuri ɗaya ta gefen ciki, kamar taƙi guda sama da idon sawu, da ɗan kumburi. Ko masallaci zan tafi ina jin sa, da dare kuma yana zogi. Mai kyamis ya ba ni diklofenak, abokaina sun ce kowa da haka ya fara, in daure kawai. Kawuna ya ce a kai ni wurin maɗori. In ci gaba ko in tsaya?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka tsaya, daga yau, ba daga ƙarshen sati ba. Allah Ya ba ka lafiya, Ya kuma cika maka burinka.

Ban ga ƙafarka ba, ban taɓa ta ba, saboda haka abin da zan faɗa bai ɗauke maka zuwa asibiti ba. Amma ka iya bayani, kuma bayanin naka ya nuna mini ciwo iri biyu a jikin mutum ɗaya. Abokanka sun yi gaskiya a kan ƙafar dama. A kan ta hagu ne suka kuskure, kuma kuskuren mai tsada ne, domin abin da ka siffanta ya fi kama da tsagewar ƙashi irin wadda yawan gudu ke jawowa. Har sai an tabbatar ba ita ba ce, ka ɗauka ita ce.

Na san abin da za ka ce. Ai ban faɗi ba, babu wanda ya buge ni, ta yaya ƙashi zai tsage? To ga yadda abin yake. Ƙashi ba matacce ba ne, kullum a cikin gyara yake. Duk takun da ka yi da gudu, ƙafar da ta sauka tana ɗaukar nauyin da ya ninka na jikinka sau biyu zuwa uku, kuma ƙashin ƙwauri yana ɗan lanƙwasa kaɗan, yadda ido ba zai gani ba. Wannan lanƙwasar tana barin 'yan ƙananan raunuka a cikinsa, jiki kuma ya bi su yana gyarawa. Sai dai gyaran yana da tsari irin na maginin da ke gyaran tsohuwar katanga: sai ya fara kankare wurin da ya rube kafin ya kawo sabon yaɓe. Kankarewar ba ta ɗaukar lokaci, 'yan makonni ne. Cikewa da bushewa kuwa sukan kai wata uku ko fiye. A tsakanin nan katangar ta fi rauni a kan yadda take kafin a taɓa ta. Wanda ya fara atisaye mai tsanani, ƙashinsa yakan shiga wannan tsakanin ne bayan makonnin farko, daidai lokacin da numfashinsa ya gyaru, tsokarsa ta yi ƙarfi, yake jin zai iya ninka abin da yake yi. Huhu da tsoka suna sabawa da wuri, ƙashi ne ke zuwa a makare.

Yanzu mu yi lissafin naka. Satin farko ka yi kilomita 9 gaba ɗaya. Da ka shiga cikin abokai ka koma 36 a sati, ninki huɗu ke nan a tashi guda. Yanzu kana kan 60, ga yashi a baya. Gudun kilomita goma ya kai taku dubu tara zuwa dubu goma, wato kowace ƙafa tana dukan ƙasa wajen sau dubu biyar kowace safiya, kuma hutun kwana ɗaya tak take samu a sati. Ƙwararrun 'yan gudu suna yin abin da ya fi haka, amma shekaru suka ɗauka kafin su kai can. Kai cikin wata guda ka kai. Ba rashin juriya ne ya same ka ba, juriyar ce ta yi yawa.

Kuma ba a kanka aka fara ba. Tun a 1855 wani likitan sojan Furushiya, tsohuwar daular Jamusawa, mai suna Breithaupt ya rubuta bayanin sojojin da ƙafafunsu ke kumbura da ciwo bayan doguwar tafiya, abin da daga baya, da aka samu hoton ƙashi, aka gane tsagewa ce a ƙasusuwan tafin ƙafa. A wani bincike da aka wallafa a 1985 kan kurata 295 na sojan Isra'ila, an samu kashi 31 cikin ɗari da irin wannan tsagewar a lokacin horonsu na farko, kuma mafi yawa a ƙwauri ne da cinya. Shi kuwa ciwon ƙwauri irin na ƙafarka ta dama ya fi haka yawa: a cikin kuratan sojan ruwa na Ostireliya da aka bibiya a wani bincike na 2004, kusan ɗaya cikin uku ya same shi. Shi ya sa abokanka ke cewa kowa da haka ya fara. Matsalar ita ce, a farko ciwon biyu kamanninsu ɗaya, kuma ɗaya yana iya zama share fagen ɗayan.

Hanyar rarrabe su tana a yatsanka. Zauna a tabarma ka miƙe ƙafa. Laluba ƙashin ƙwauri ta gefen ciki, za ka ji inda ƙashi ya ƙare, naman sharaɓa ya fara ta baya. Wannan bakin shi za ka bi. Fara daga saman idon sawu, kana dannawa da ɗan ƙarfi, kana hawa a hankali zuwa gwiwa. A ƙafar dama ina tsammanin za ka ji ciwon ya miƙe a tsawon bakin ƙashin, tsawon da ya kai santimita biyar ko ya wuce, wato faɗin yatsu uku zuwa sama, sau da yawa ma tsawon tafin hannu guda. Idan aka ce ka nuna inda ya fi, sai ka rasa, sai dai ka shafa wurin da hannu. Wannan shi ne ciwon ƙwauri na gudu: bakin ƙashin da tantanin da ya lulluɓe shi sun gaji sun yi tsami, amma ba a kai ga tsagewa ba. A ƙafar hagu kuwa, idan zatona daidai ne, za ka bi ka wuce wurare ba ka ji komai sosai ba, sai ka iso wani ɗigo guda da kan yatsa ɗaya zai rufe, ka danna ka ji har cikin kanka. Wani lokaci akan ji ɗan tudu a wurin. Mai ciwo na farko da hannu yake nunawa, mai tsagewa da yatsa.

Bayan wurin ciwo sai halinsa. Ciwon ƙwauri na gudu yakan gaishe ka a farkon fita, ya lafa idan jini ya zagaya, ya dawo bayan ka gama ko washegari da safe, kuma hutun kwana biyu ko uku yana rage shi. Tsagewa ba ta san ɗumin jiki ba. Tana farawa a tsakiyar gudu, ta yi ta ƙaruwa har sai ka tsaya. Gobe ta fara da wuri fiye da yau, jibi ta riga gobe, har ta kai tana tare da kai a tafiyar yau da kullum, daga ƙarshe ta bi ka shimfiɗa. Akwai gwajin da muke yi a asibiti, mu ce mutum ya yi tsallen langa da ƙafa ɗaya sau goma. Mai ciwon gudu yakan iya, ko da yana yamutsa fuska. Mai tsagewa da wuya ya kai, domin kowace sauka tana soka masa a wuri ɗaya. Kai dai kada ka gwada wannan da hagu. Ƙafar da tafiya kawai ke sa ta ciwo ta riga ta ba da amsa, babu dalilin ƙara mata.

Akwai abu ɗaya mai daɗi a wasiƙarka, shi ne inda ka ce ciwon yake. Tsagewar ƙwauri ba duka ɗaya ba ce. Wadda ke gefen ciki ta baya, inda ka nuna, ita ce mafi yawa, kuma ita ce mai sauƙin warkewa, saboda idan ƙashin ya lanƙwasa wannan gefen matsewa yake yi, bakin tsagar yana haɗuwa. Yawanci hutu kawai take buƙata. Wadda muke tsoro ita ce ta gaba, a kan gaban ƙwauri tsakiyar ƙafa, wurin nan da babu nama, da idan ka yi karo da benci kake jin sa. Wannan gefen buɗewa yake yi a kowane taku, jini kuma bai wadace shi ba. Tsagewar wurin tana iya ɗaukar wata huɗu, shida ko fiye, wani lokaci sai an yi tiyata an sa ƙarfe, kuma ita ce ta fi saurin rikiɗewa ta zama cikakkiyar karaya. Saboda haka idan ka sake lalubawa ka ga ɗigon ya fi kusa da gaba, kada ka taka ƙafar ma, ka nemi sandunan dogarawa a kai ka asibiti.

Ko tana gaba ko tana gefe, cikin satin nan nake so likita ya gan ka. Ka fara da babban asibitin da ke kusa da kai. Idan ana buƙatar likitan ƙashi, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana kan hanyarku ta Zariya, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Za a fara da hoton ƙashi na yau da kullum, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, don haka ka saurare ni da kyau. A sati biyu zuwa uku na farkon ciwo, wannan hoton yawanci ba ya nuna komai ko da tsagewar tana nan. Tsagar ta yi siriri da yawa. Abin da hoton ke fara kamawa shi ne sabon ƙashin da jiki ke tarawa a wurin, shi kuwa sai daga baya yake fitowa. Na sha ganin yaro ya fito da takarda a hannu yana murna an ce ƙashinsa lafiya lau, ya koma fili washegari, bayan wata guda a dawo da shi a kafaɗa. Idan hoton farko ya fito fes, ma'anarsa ba a ga karaya ba, ba wai babu tsagewa ba. Akan maimaita shi bayan sati biyu ko uku. Hoton da ke nuna abin tun da wuri shi ne wanda likita zai rubuta maka MRI a takarda, yana nuna kumburin cikin ɓargo da ma layin tsagar idan akwai. Yana da tsada, kuma sai manyan birane. Idan da hali a yi shi, ya fi, musamman a gare ka da kake lissafin makonni. Idan babu hali ba a rasa komai ba: ɗigo guda mai ciwo, da ciwo a tafiya, da zogin dare sun isa a kula da kai a matsayin mai tsagewa.

Za ka ce to me ya sa za a kashe kuɗin hoton farkon? Saboda ba gudu kaɗai ke sa ƙashin matashi zogi da dare ba. Ƙwayar cuta tana shiga ƙashi, musamman ga masu sikila, kuma akwai ƙari da ke fitowa a ƙashi a irin shekarunka, ko da yake ba kasafai ba. Tarihin da ka bayar bai yi kama da su ba, amma idan akwai zazzaɓi, ko wurin ya yi ja da zafi, ko kumburin yana girma, ko kana ramewa, ka faɗa wa likita tun kafin ya tambaya.

Sai maganar ƙwayar da kake sha. Diklofenak da ibufurofen suna kashe zafi, ba sa haɗa ƙashi. Ciwon nan shi ne kaɗai ma'aunin da kake da shi na sanin halin da ƙashin ke ciki, kuma duk tsarin jinyar da zan ba ka a kansa ya dogara. Idan ka haɗiyi ƙwaya da asuba ka fita, tsagar tana ci gaba da tsawo, kai kuma ba ka da labari. Ban da wannan, akwai alamu daga bincike cewa irin waɗannan magunguna suna iya jinkirta gyaran ƙashi, sannan shan su kullum a kan gumi da ƙishirwa yana taɓa ƙoda da ciki. Ka ajiye su. Idan zogi ya hana ka barci, farasitamol ya isa, da ƙanƙara a naɗe cikin tsumma na minti goma zuwa sha biyar. Na san kuma akwai masu ba abokansu taramol a filin atisaye da sunan ƙarin ƙarfi. Kada ka kusance shi. Yana ɓoye ciwo, yana kama mutum, kuma ba da shi ake so mai neman kaki ya saba ba.

Kawu kuma, a gaishe shi, kulawa ce ta sa ya faɗa. Amma aikin maɗori shi ne ya mayar da ƙashin da ya rabu mazauninsa ya ɗaure, a nan kuwa babu abin da ya goce balle a mayar. Ja da murzawa da matsa wurin ba za su ƙara komai ba sai rauni, ɗauri mai tsanani kuma yana iya tare jini, wanda shi ne haɗarin da ya fi tsagewar kanta. Haka nan tausa da man zafi da gashi da ruwan zafi a kan ɗigon. A kan naman sharaɓa babu laifi, a kan ƙashin a bari. Ka ce wa kawu a fara ɗaukar hoto tukuna, babu dattijon da zai ƙi wannan.

To yaya jinyar take idan an tabbatar, ko an yi zato mai ƙarfi, cewa tsagewar gefen ciki ce? Ƙa'idar guda ɗaya ce: duk abin da ke tayar da ciwon, ba lokacinsa ba ne. Tunda tafiya tana sa ka ciwo, matakin farko shi ne rage takawa, da sandunan dogarawa idan likita ya ga dama, na sati ɗaya ko biyu, har sai ka iya zirga-zirgar gida ba ɗingishi. Galibi ba a sa filasta. Daga nan sai ka riƙa ƙara tafiya a hankali har ka iya yin minti talatin da sauri-sauri ba ka ji komai ba, a lokacin da kuma washegari. Sai ka jera kamar kwana goma zuwa sati biyu a haka, ɗigon kuma ya daina ciwo idan an danna, kafin a yi maganar gudu. Ga yawancin mutane wannan duka yana cin sati huɗu zuwa shida, wasu fiye.

Ba zaman kashe wando za ka yi a wannan lokacin ba. Keke shi ne abokinka, da zarar tuƙa shi ba ya tayar da ciwon: minti talatin zuwa arba'in a hanya mai laushi, kana zaune a sirdi ba ka miƙewa a kan feda, zai riƙe maka numfashin da ka sha wahalar samu. Atisayen hannu da ciki da baya duk suna nan, kuma za a buƙace su a horo.

Komawa gudu kuma da tsani ake yi, kwana ɗaya a yi, kwana ɗaya a huta. Satin farko, tafiya minti huɗu, sassarfa minti ɗaya, a maimaita sau shida, minti talatin ke nan. Sati na biyu, tafiya uku sassarfa biyu. Na uku, tafiya biyu sassarfa uku. Na huɗu, tafiya ɗaya sassarfa huɗu. A na biyar ne za ka yi minti ashirin zuwa talatin a jere, a hankali, yadda za ka iya hira kana gudu. Duk ranar da ɗigon ya yi magana, a lokacin gudu ko da safe, ka huta kwana biyu ka koma matakin da ke baya. Sauri da hawan tudu da kaya a baya duk sai bayan wannan, kuma ɗaya bayan ɗaya.

Ka haɗa lissafin da kanka. Huɗu zuwa shida, a ƙara biyar, sati tara zuwa sha ɗaya ke nan, kai kuma takwas gare ka. Ba zan ɓoye maka ba, idan tsagewa ce, da wuya ka isa wannan tantancewar da ƙafar da za a dogara da ita. Mai yiwuwa ka iya daure gudun rana ɗaya. Amma tantancewa ƙofa ce kawai, abin da ke bayanta shi ne Dafo na Zariya, inda ake horar da kurata tun 1924, watanni ana gudu da fareti da doguwar tafiya cikin takalmin soja, kuma a can ba kai ke zaɓar ranar hutu ba. Ƙashin da ya shiga da rabin warkewa a makonnin farko zai tona asirin kansa. Shekararka 20, ɗaukar kurata kuma ba sau ɗaya ake yi ba. Ka duba iyakar shekarun da ke cikin sanarwa, ka yanke shawara tare da likitan da ya duba ka. Ni dai a ganina, jiran zagaye na gaba da ƙafa lafiyayya ya fi shiga wannan a fito da kai a kan gadon asibiti. Idan kuma aka duba aka ce ƙashin bai tsage ba, gajiya ce kawai ta yi tsanani, to sati takwas na iya isa, muddin ka bi tsanin nan ba ka tsallake ba.

Ƙafar dama za ta ci albarkacin hutun 'yar'uwarta. Da ita kaɗai ce ke ciwo, da ban ce ka daina gudu ɗungurungum ba. Da sai in ce ka huta sati ɗaya ko biyu, ka koma da rabin abin da kake yi, kwana uku a sati, kana ƙara kaɗan-kaɗan. Masu horarwa sukan ce kada ƙarin ya wuce kashi goma cikin ɗari a sati. Ba doka ba ce, amma ga mai saurin zuciya irinka linzami ne mai kyau. Kada kuma ka raina wannan ciwon, idan aka yi ta takura shi yakan yi wata biyu ko uku bai tafi ba. Abin da na fi ba wa muhimmanci shi ne ƙarfafa sharaɓa, domin ita ce ke shanye wani ɓangare na dukan kafin ya isa ƙashi. Tsaya ka dafa bango, ka ɗaga diddige ka tsaya a kan yatsu, ka sauko a hankali, sau goma sha biyar, zagaye uku. Ka yi da gwiwa a miƙe, ka sake yi da gwiwa a ɗan lanƙwashe. Da farko da ƙafa biyu, daga baya da ɗaya. Ta hagu ba za ta shiga wannan ba sai tafiya ta daina yi mata ciwo. Idan ka dawo gudu kuma, ka rage faɗin taku. Masu fara gudu suna son jefa ƙafa can gaba su sauka a kan diddige da gwiwa a sandare. Gajeren taku mai yawa, ƙafa tana sauka kusa da ƙarƙashin jiki, ya fi sauƙi a kan ƙwauri.

Mutane suna ɗora wa kwalta da takalmi laifi fiye da yadda suka cancanta. Kambas ɗin gwanjo da ƙasansa ya cinye ta gefe ɗaya a canza shi, gaskiya ne, kuma gefen titi da ya karkata yana sa ƙafa ɗaya aikin da ya fi na ɗayar, don haka filin makaranta ya fi. Amma takalmin dubu ɗari ba zai ceci wanda ya tashi daga 9 zuwa 60 ba.

Abin da aka fi mantawa shi ne tukunya. Jikin da ke ƙona abin da ya fi wanda yake ci ba ya samun abin gina ƙashi. Yaro ya fita da asuba ciki wayam, ya dawo ya sha koko, sai dare, ga shi yana so ya rage nauyi don ya yi sauri. Ka ci ka ƙoshi sau uku. Baligi yana buƙatar wajen miligiram 1,000 na sinadarin kalsiyam a rana, kofin madara ko nono guda yana ba da kusan 300. Fura da nono, kindirmo, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, miyar kuka, zogale, riɗi, wake da ƙwai, duk suna kusa da kai kuma sun fi ƙwayoyin kanti araha. A wani gwaji da aka yi kan mata kurata fiye da dubu biyar na sojan ruwan Amurka, wanda aka wallafa a 2008, waɗanda aka ba kalsiyam da bitamin D sun samu raguwar tsagewar ƙashi da kusan kashi 20 cikin ɗari. Ba ina nufin ka je ka saya ba, likita ne zai ga ko kana buƙata. Idan kana shan taba ka bari, tana jinkirta haɗuwar ƙashi. Ga 'yan'uwa mata masu shirin shiga soja ko ɗan sanda da ke karanta wannan: tsagewar ta fi samun ku a kan maza, kuma idan al'ada ta ɗauke ko ta rikice bayan fara atisaye, alama ce jiki ba ya samun isasshen abinci kuma ƙashi yana cikin haɗari, a je asibiti.

Abubuwa biyu za ka riƙe don gaba, ko a gida ko a bariki. Idan ciwon ƙafa ya zo da ɗaurewa, naman gefen waje na ƙwauri ya yi tauri, saman ƙafa ya sage ko yatsu su ƙi ɗaguwa, sannan duk ya wuce bayan hutun minti goma sha biyar zuwa talatin, wannan wani ciwo ne daban, matsi ne ke taruwa a cikin tsoka, kuma maganinsa daban. Na biyun ya fi haɗari. Idan wata rana ka ji ciwo a gindin cinya ta wajen matsematsi, yana ƙaruwa da gudu, yana sa ka ɗingishi, kada ka ce targaɗe ne. Wuyan ƙashin cinya ma yana tsagewa a jikin kurata, kuma idan ya ƙarasa karyewa yana iya lalata ƙugu har abada. Ranar da ka ji shi, ranar za ka daina takawa ka kai kanka asibitin bariki, ko da kana tsoron a ce ka cika raki. Ka faɗa wa abokan gudunka wannan, ka kuma sa kowannensu ya zauna ya bi bakin ƙwaurinsa da yatsa, domin a cikin masu gudun kilomita 60 da yashi a baya, da wuya a ce kai kaɗai ne.

Idan za ka asibiti, ka rubuta a takarda ranar da ka fara gudu, kilomitan kowane sati, ranar da ciwon ya koma wuri ɗaya, da magungunan da ka sha. Ka zagaye ɗigon da biro kafin ka fita daga gida, kuma kada ka sha maganin ciwo a safiyar, don likita ya samu wurin yadda yake. Ka rubuto mini abin da hoton ya nuna.